Gargaɗin da waya ke yi in an ƙure sautin iyafis: a kashe shi ko a bar shi?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina aikin injin niƙa a wani ƙauye kusa da Gumel. Ina sa iyafis in ji waƙa ko wa'azi saboda aikin da gundura. Kullum in na ƙara sauti sai wayar ta fito da wani rubutun Turanci, wani lokaci ma ta rage da kanta. Yaya zan kashe abin nan? Kuma kwanan nan in na kwanta da dare ina jin kunnena yana shuuu kamar kukan gyare, amma da safe ya tafi. Ko iyafis ɗin ne ba mai kyau ba?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa sana'a albarka. Zan fara da kukan gyaren nan kafin maganar waya, domin shi ne ya fi damuna a saƙonka. Na daɗe ina aikin gwajin ji a sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kuma wannan shuuu da ke zuwa da dare ya tafi da safe, shi ne abin da masu injin niƙa da masu walda da masu gyaran janareta suka fi faɗa mini cewa da shi abin ya fara, shekaru kafin su zo asibiti. Wayarka da kunnenka magana ɗaya suke yi maka. Bambancin kawai, ita wayar da Turanci take yi.

A can cikin kunne, bayan fatar nan da ake kira dodon kunne, akwai wani ɗan ƙashi a naɗe kamar katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi a kansu, kimanin 15,000 a kowane kunne. Sauti yana shiga ya kaɗa ruwan, ruwan ya kaɗa gashin, su kuma su aika wa ƙwaƙwalwa saƙo. In ƙara ta yi yawa kuma ta daɗe, sai su galabaita, kamar yadda iska mai ƙarfi ke kwantar da gero a gona. A wannan halin ne kake jin shuuu ɗin, kuma maganar mutane ta zama kamar daga bayan katanga ake yin ta. In aka samu shiru na dare ɗaya, yawancinsu sukan miƙe. To amma geron da ake kwantarwa kullum, wata rana ba zai tashi ba. A nan misalin gona ya tsaya, domin manomi yana iya sake shuka baɗi, su kuwa waɗannan ƙwayoyin in sun mutu a kunnen ɗan Adam ba sa sake fitowa. Babu allura, babu ƙwaya, babu ɗigon kunne da ke dawo da su.

Kunne ma yana da datarsa ta mako

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel, wanda za ka gan shi a waya an rubuta dB. Hirar mutum biyu a zaure wajen 60 take. Hukumar Lafiya ta Duniya tare da hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun fitar da ƙa'ida ga na'urorin saurare a 2019, inda suka ce baligi zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da fargaba ba. Ga yara kuma 75 ne na awa 40.

Ka ɗauke shi kamar datar da ka saya ta mako guda. In saƙon rubutu kawai kake yi za ta kai ka har ta yi saura, in ka hau kallon bidiyo kafin la'asar ta ƙare. Abin da yake ba mutane mamaki shi ne saurin da datar kunne ke ƙarewa. Duk ƙarin desibel 3, lokacin da kake da shi yana raguwa da rabi. A 83 awa 20 gare ka. A 86 awa 10. A 89 awa 5. Kafin ka kai 95, abin da ya rage maka awa ɗaya da kwata ne, kuma ba a rana ba, a mako gaba ɗaya. A 100 kuwa minti ashirin da 'yan kai ne.

Tarkon yana nan: kunne ba ya jin wannan ninkin. In aka ƙara desibel 3, da ƙyar za ka ce an ƙara wani abu, alhali ƙarfin da ke dukan kunnenka ya ninka biyu. In aka ƙara 10, kai za ka ji kamar sautin ya ninka biyu ne kawai, amma ƙarfinsa ya ninka goma. Shi ya sa mutum yake danna maɓalli sau biyu ko uku yana ganin ɗan ƙari ya yi, bai san ya mayar da datar mako ta zama ta awa ɗaya ba. Ga kuma sabo. Bayan minti goma a sauti mai ƙarfi, sai ka ji kamar ya yi ƙasa, hannu ya sake komawa kan maɓalli.

Abin da rubutun nan yake cewa

A yawancin wayoyin Android, abin da ke fitowa shi ne wannan ko mai kama da shi:

```
Raise volume above recommended level?
Listening at high volume for long periods may damage your hearing.
```

Wato tana tambayarka ko ka yarda a wuce matakin da aka ba da shawara, domin daɗewa ana sauraro da ƙarfi yana iya lalata ji. Asalinsa ƙa'ida ce ta ƙasashen Turai a kan wayoyi da na'urorin kiɗa. Ƙa'idar ta ce na'ura ta tsaya a desibel 85, kada ta wuce sai mai ita ya ga gargaɗi ya amince da hannunsa, kuma ko ya amince kada ta wuce 100. Sannan bayan an tara awa 20 ana sauraro a sama da layin, dole ta koma ƙasa ta sake tambaya. Wannan ne ragewar da kake gani tana yi da kanta. Wayar ba ta lalace ba, kuma ba mai caji ne ya taɓa maka wani abu ba. Ƙirga take yi. In kana ganin ragewar nan kusan duk mako, to wayar ta shaida maka cewa kana cinye awa 20 a sama da layi cikin 'yan kwanaki.

Akwai abu biyu da ya kamata ka sani game da wannan layin, domin ban son ka ɗauke shi kamar katangar da duk wanda ke bayanta ya tsira.

Na farko, 85 ɗin ba matakin saurare dare da rana ba ne. In ka bi lissafin da na yi maka a sama, a 85 abin da kake da shi wajen awa 12 da rabi ne a mako. Wanda ya tsaya daf da layin yana sauraro awa huɗu kullum ya wuce ƙa'ida ninki biyu, kuma wayar ba za ta ce masa uffan ba.

Na biyu, kuma shi ya fi shafar mu a nan, wayar ba ta jin abin da ke shiga kunnenka. Kintace take yi. Ta san ƙarfin wutar da take turawa ta igiyar iyafis ko ta bulutut, sai ta ƙaddara cewa iyafis ɗinka irin wanda aka gwada ta da shi ne. Mu kuwa iyafis ɗinmu na tebur ne a kasuwa, yau wannan gobe wancan. Wani a rabin maɓalli ya riga ya wuce 85, wani kuma sai an kusa ƙurewa. Wasu na bulutut suna da nasu maɓallin ƙara dabam da na waya, ta yadda waya za ta nuna tana ƙasa alhali shi yana ƙure. Ƙananan wayoyi masu maɓalli da rediyo mai memori, da yawansu ba su da gargaɗin ma sam. In kuma aka ɗora manhajar nan ta ƙara ƙarfin sauti da samari ke tura wa juna, lissafin wayar ya tashi daga aiki. Don haka tambayarka ko iyafis ɗin ne ba mai kyau ba tana da ƙanshin gaskiya, sai dai ba ta inda kake zato ba. Mai tsada da mai araha duk ɓarna ɗaya suke yi in ƙarfin da ya isa dodon kunne ɗaya ne. Illar mai arahar ita ce ba ya toshe hayaniyar waje, sai ya tilasta maka ƙurewa.

Mu lissafa makonka

A nan ne maganarka ta bambanta da ta ɗalibin da ke sauraro a ɗaki. Kai ba son ƙara ne ya sa kake ƙurewa ba, inji ne. Ba wanda zai ji wa'azi a gefen injin niƙa sai muryar malamin ta hau saman kukan injin.

Bari mu ƙaddara, don lissafi kawai, cewa a inda kake tsayawa kana zuba hatsi ƙarar ta kai desibel 90. Wannan ba zuzutawa ba ce ga injin dizal da ke cikin ɗaki mai rufin kwano. Hanyar ganewa ba tare da na'ura ba: in mai kawo niƙa tana tsaye nisan kamu biyu daga gare ka amma sai kun ɗaga murya sosai kafin ku ji juna, to wurin ya kai 85 ko ya wuce. A 90, rabonka na mako awa 4 ne. In kana aiki awa 6 a rana, kwana 6 a mako, awa 36 ke nan. Raba 36 da 4, ka samu 9. Wato tun kafin ka sa komai a kunne, injin kaɗai ya ci datar mako tara a mako ɗaya.

Yanzu ka ɗora iyafis irin mai tauri, wanda ke zama a bakin kunne ba ya toshe komai. Don ka ji magana a kan 90, dole ka kai sautin aƙalla 95. A ce awa 3 kake sauraro a rana, awa 18 ke nan a mako. Rabonka a 95 awa ɗaya da kwata ne. Ka ga wannan kaɗai ya ninka ƙa'ida sau 14. Ranar da aiki ya yi yawa, kamar jajibirin kasuwar Maigatari ko lokacin biki da ake ta kawo niƙa, abin ya fi haka.

Kwatanta da sauraron da kake yi da dare a ɗaki, gari ya yi tsit, sauti yana wajen 70. A wannan matakin rabonka awa 400 ne a mako, mako kuwa gaba ɗayansa awa 168 ne. Ba za ka iya cinye shi ba ko ka so. Waya ɗaya, iyafis ɗaya, mutum ɗaya, amma na rana yana cin kunne, na dare bai taɓa shi ba. Shi ya sa ba na cewa mutane su jefar da iyafis. Ina tambayarsu ne a ina suke sa shi.

Ka lura kuma da abin da wayar ba ta sani ba. Ita ta ƙirga nata 14 ɗin ne kawai, shi ma bisa kintace. Taran da injin ya ci ba ya cikin littafinta.

Na taɓa gwada wani mai niƙa, bai kai shekara talatin da biyar ba. Ba da kansa ya zo ba, matarsa ce ta matsa, wai ya daina amsa ta in tana magana daga madafi, kuma a wurin ɗaurin aure sai ya riƙa gyaɗa kai kawai. Shi kuwa rantsuwa yake yi yana ji sarai, mutane ne ke magana ciki-ciki. Dukansu biyu gaskiya suka faɗa. Takardar gwajinsa ta nuna ƙananan sautuka masu kauri lafiya lau, amma a wajen sauti mai siriri, wanda muke aunawa a 4000 a ma'aunin sirantar sauti, layin ya faɗa rami a kunnuwan biyu. Wannan ramin shi ne tambarin hayaniya, duk mai aikin gwajin ji ya san shi da gani. A yankin siraran sautukan nan ne haruffa irin su s da sh da ts da f suke zaune. Mutum zai ji murya amma ya kasa raba "sara" da "shara", ko "tsaya" da "saya", musamman in akwai surutu a gefe. Saboda yana jin muryar, ba ya yarda kunnensa ya taɓu. Abin da na iya yi masa shi ne taimaka masa ya tsare abin da ya rage.

To me za ka yi?

Kada ka kashe gargaɗin. A wayoyi da yawa ma ba a ba da wurin kashe shi ba, sai an bi ta bayan gida, kuma ba zan koya maka hanyar ba. In manhajar ƙara sauti tana wayarka, goge ta yau.

A wurin inji, shawarata ba za ta yi maka daɗi ba: cire iyafis gaba ɗaya muddin inji yana aiki, ka sa abin toshe kunne a madadinsa. Akwai na soso, ƙanana masu launin ruwan lemo ko rawaya, ana samunsu a shagunan kayan aikin gini da na walda a birane kamar Kano, kuma ba su da tsada. Sa shi yana da ƙa'ida, in ba haka ba ado ne kawai. Ka murza shi da yatsu masu tsabta har ya zama siriri, ka zagaya da ɗaya hannun ta saman kai ka ja kunnen sama da baya, ka tura shi ciki, ka riƙe da yatsa wajen daƙiƙa 30 har ya kumbura ya cika ramin. In ya zauna daidai, muryarka za ta yi maka kauri kamar kana magana a cikin randa. Akwai kuma mai kama da hedifon wanda ke rufe kunne gaba ɗaya. Ya fi sauƙin sawa da cirewa ga mai hannu cike da gari, sai dai yana sa gumi a bazara. Auduga da tsumma da mutane ke cusawa kusan ba sa rage komai. Ko desibel 10 kawai abin toshewar ya rage maka, awa 4 ɗin nan ta zama 40, aikinka na mako ya shiga cikin ƙa'ida. Kuma ba zai hana ka jin injin ba. Za ka ji in bel ya fara santsi ko dutse ya shiga, abin da mai waƙa a kunne ba zai ji ba sai aikin gama ya gama. In salansar injin ta fashe a gyara ta, in da hali a fitar da bututun hayaƙin waje.

Wa'azin da waƙar ka ajiye su sai an kashe inji. A nan dabara ɗaya ce nake koya wa kowa. Ka saita sautin a wuri mai shiru, a ɗaki, ka fara daga ƙasa kana hawa har maganar ta fito sarai, sai ka tsaya. Ka duba inda alamar take a allo, ka riƙe wurin. In ka fita waje ka ji ba ka ji sosai, ba sautin ne ya ragu ba, wurin ne bai dace da sauraro ba. Ana yawan cewa kada a wuce kashi 60 cikin 100 na maɓalli, kuma a huta bayan kowace awa. Shawara ce mai kyau a matsayin mafari, amma tunda iyafis ya bambanta, ka haɗa da wannan gwajin: wani ya tsaya nisan hannu ya yi maka magana yadda aka saba. In sai ka cire iyafis kafin ka gane abin da ya ce, ko kuma shi yana jiyo abin da kake ji, rage.

In za ka sayi sabo, nemi mai bakin roba mai laushi wanda ke shiga ya toshe ramin kunne, ka zaɓi girman robar da ya cika kunnenka. Toshewar ce ke ba ka damar ji a ƙaramin sauti. Amma ba a kan babur ba, can kana bukatar jin hon. Kuma kada ka ɗauka zai maye gurbin abin toshe kunne a wurin inji. Ɗabi'ar sa kunne ɗaya a bar ɗaya ma ba ta taimako a cikin hayaniya, domin mutum yakan ƙara sauti don ya cike gurbi, sai kunne ɗayan ya ɗauki dukan duka.

Wasu wayoyin suna ba ka damar kafa wa kanka iyaka. A Samsung ka nemi Media volume limit a cikin saitin sauti. A iPhone yana ƙarƙashin Sounds & Haptics, sai Headphone Safety, inda za ka iya tsayar da shi a 80 ko ƙasa. Wannan ya fi amfani in yara suna ɗaukar wayarka su yi kallo, domin shi yaro ba ya karanta gargaɗi, OK kawai yake dannawa.

Ga gwajin da za ka yi da kanka gobe. Da safe kafin ka tafi aiki, kunna rediyo ko karatu a lasifikar waya, ka rage har ya zama da ƙyar kake gane kalmomin. Kada ka taɓa maɓallin. In ka dawo da yamma, zauna a wuri ɗaya, nisa ɗaya, ka kunna abu ɗaya. In ba ka gane abin da ka gane da safe ba, aikin ranar ya gajiyar da kunnenka. Maimaita bayan ka yi mako kana toshe kunne, ka ga bambanci.

Daga nan inda nake ba zan iya leƙa kunnenka ba, kuma ba kowane kukan kunne ne na hayaniya ba. Dauɗar kunne da ta toshe tana kawo shi. Ciwon kunne mai ruwa yana kawo shi. Wasu magunguna ma haka, kamar kwinin da allurar jentamaisin, don haka in an yi maka allurai kwanan nan ka faɗa wa likita sunansu. Kada ka sa tsinke ko ashana ko gashin kaza, kada kuma a ɗiga maka mai ko ruwan wani ganye. In shuuu ɗin ya daina tafiya da safe, ko ya koma kunne ɗaya kawai, ko ya zo da jiri, je asibiti. In kuwa ka wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke ɗif ba ciwo ba ruwa, wannan na gaggawa ne, domin maganinsa cikin kwanakin farko yake aiki, ba a jiran ranar kasuwa.

Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, mai aiki irin naka ya kamata a yi masa gwajin ji sau ɗaya a ajiye takardar, don a samu abin kwatantawa nan gaba. Fara da babban asibitin da ke kusa da kai a duba ko dauɗa ce, su tura ka gaba in da bukata. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen kunne, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Gwajin ba ya ciwo, hedifon za a sa maka ka riƙa ɗaga hannu in ka ji ɗan sauti. Sai dai kada ka taso daga wurin inji kai tsaye. Ka ba kunnen hutun aƙalla awa 14 ba inji ba iyafis kafin gwajin, in ba haka ba gajiyar ranar za ta shiga sakamakon a kasa raba ta da ainihin abin da ya lalace. Ka tafi da iyafis ɗin da wayar, ka nuna musu inda kake tsayar da maɓalli.